Idan Burauza Ta Ce Ba Ta Ga Kyamara Ba

Saƙon gajere ne, kuma da Turanci yake zuwa: "No camera found", wani lokaci "No microphone found", wani lokaci "Camera failed". Ya fi fitowa a daidai lokacin da mutum ba shi da sukuni. An kusa fara intabiyu ta Google Meet, ko malami ya buɗe darasi ɗalibai suna jira, ko wani shafin rajista ya ce sai ya ɗauki hoton fuska kafin a wuce gaba. Mai kwamfuta ya ɗaga kai ya dubi saman sikirin, ga idon kyamara yana kallonsa, amma an ce masa babu ita.

Abin da ke biyo baya shi ya fi damuna. Wani ya ɗauki laftof ɗinsa ya kai shagon gyara, a ce sai an goge komai an sake ɗora Windows, ya biya kuɗi, wani lokaci har ya rasa takardun da ya tara. Wani ya sayo sabuwar kyamara ya jona, ita ma a ce ba a gan ta ba. Alhali sau da yawa kyamarar lafiyarta ƙalau. Ko dai an hana burauzar izinin taɓa ta, ko wata manhaja ta riga ta kama ta ta ƙi saki. Duka biyun mai na'ura zai iya warware su da hannunsa cikin 'yan mintuna, in dai ya san inda zai fara dubawa da inda zai bi daga nan.

Me ya sa saƙon yake ruɗa mutane

Babu shafin intanet da ke iya kunna kyamara da kansa. Roƙo yake yi. Ya roƙi burauza, wato Chrome ko Edge ko Firefox ko Safari; burauza ta duba ko mai na'ura ya amince wa wannan shafin; idan ya amince, ita ma sai ta roƙi babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, Windows ko Android ko macOS; daga nan ne ake isa ga ita kanta kyamarar. Tsarin ya yi kama da gidan da baƙo zai ratsa zaure, ya ratsa shigifa, kafin ya kai ƙofar ɗaki, kuma ko ya kai yana iya tarar da wani a ciki ya sa sakata. A kowanne daga cikin wuraren nan ana iya tsayar da shi.

Burauza ta san inda aka tsayar da roƙon, kuma takan faɗa wa shafin da suna. Idan izini aka hana, amsar da take bayarwa ita ce NotAllowedError. Idan ta laluba ba ta samu na'urar ba sam, NotFoundError. Idan na'urar na nan, izini ma akwai, amma ta ƙi buɗuwa saboda wani na riƙe da ita, NotReadableError. Matsaloli uku ne daban, maganinsu ma daban. Sai dai masu gina shafuka da yawa ba sa wahalar da kansu wajen bambance su. Kowace amsa ta dawo, jimla ɗaya suka tanada: ba a ga kyamara ba. Shi ya sa bai kamata a ɗauki saƙon a matsayin hukunci kan lafiyar na'ura ba. Abin da kawai ya tabbatar shi ne hoto bai iso ga shafin ba.

Akwai wani abu kuma da ke ƙara rikita lamarin. Shafi yakan nemi kyamara da makirfo a roƙo ɗaya. Idan ɗaya daga cikinsu babu shi, roƙon gaba ɗaya ne ke faɗuwa. Wannan yakan faru a kwamfutar tebur irin ta shagon buga takardu, wadda aka jona mata kyamara marar makirfo: shafin ya ce bai ga kyamara ba, alhali makirfo ne ya rasa. Manyan shafukan taro sun iya raba roƙon biyu, ƙananan shafuka ne suka fi faɗawa wannan rami.

Gwajin da ke raba gardama

Kafin a taɓa kowane saiti, akwai gwaji ɗaya da nake ganin ya fi kowane muhimmanci, domin shi ke nuna ko laifin na burauza ne ko na wani wuri. A Windows, ka danna Start ka rubuta Camera, ka buɗe manhajar da ta fito. Tare da Windows take zuwa, kuma ba ta bi ta burauza, ba ta buƙatar data.

Idan ka ga fuskarka, magana ta ƙare game da lalacewa. Kyamara na aiki, direbanta na aiki, saura izini. Idan kuma ta ƙi, ka karanta lambar da ta rubuta a ƙasan saƙonta. Lambar 0xA00F4243 tana nufin wata manhaja na amfani da kyamarar a halin yanzu. Lambar 0xA00F4244 tana nufin Windows ɗin kansa bai ga wata kyamara a jone ba. Bambancinsu harafi ɗaya ne a ƙarshe, 3 da 4, amma hanyoyinsu sun rabu: ta farko farautar manhaja za a yi, ta biyu kuma binciken maɓalli da direba da waya. Idan kuma manhajar ta buɗe ba tare da ƙorafi ba amma baƙi ƙirin take nunawa, ka sa ɗan yatsa a saman sikirin. Laftof da yawa, musamman ThinkPad na Lenovo, suna da ɗan murfi da ake turawa gefe ya rufe idon kyamara, kuma yakan rufu a cikin jaka ba da sanin mai shi ba.

Da ka gama gwajin, ka rufe manhajar Camera gaba ɗaya. Idan ka bar ta a buɗe a bayan burauza, ita ce za ta riƙe kyamarar, sai ka koma neman matsalar da kai ka haifar yanzu.

Makirfo ma yana da nasa gwajin. A Settings, ka shiga System, sannan Sound, ka gangara zuwa Input. Ka yi magana, za ka ga wani layi yana motsi daidai da ƙarfin muryarka. In ya motsa, makirfo na ji.

Mu bi wata malama mataki-mataki

Mu ƙaddara wata malamar makarantar sakandare ce da za ta yi intabiyun neman gurbin karatu ta Google Meet da ƙarfe 10 na safe. Laftof ɗinta ta hannu ce, Windows 11 ke kai, Chrome take amfani da shi, kuma yaran gida kan taɓa shi da yamma. Ta buɗe mahaɗar taron da ƙarfe 9:40, akwatin da ya kamata fuskarta ta fito ya zama baƙi, maɓallan kyamara da makirfo sun yi ja.

Ta fara da manhajar Camera, ta ga kanta sarai. Ta rufe ta, ta koma Chrome.

Abu na gaba shi ne izinin shafin. A farkon layin da ake rubuta adireshi, daga hagu, akwai wata 'yar alama. A da hoton kwaɗo ne. Tun 2023 Chrome ya maye shi da wasu gajerun layuka biyu masu ɗigo a jiki, kuma mutane da yawa har yau kwaɗon suke nema. Ta danna alamar, sai ga Camera da Microphone, duka a kashe. Ta kunna su. Chrome ya nuna mata maɓallin Reload, ta danna, domin sabon izini ba ya fara aiki sai an sake loda shafin. Wannan ɗan matakin ne mutane ke tsallakewa, su ce sun ba da izini amma ba abin da ya canza.

Wa ya kashe su tun farko? Ba lallai ne wani ya yi da gangan ba. Karon farko da shafi ya nemi kyamara, Chrome kan fito da ɗan akwati yana tambaya, da zaɓin "Allow while visiting the site", da "Allow this time", da "Never allow". Mai sauri yakan danna na ƙarshe don kawai akwatin ya kauce masa, kuma burauza ba za ta sake tambaya ba. Ko da mutum bai danna komai ba sai alamar rufewa, idan ya maimaita haka sau uku, Chrome yakan toshe roƙon shafin da kansa na tsawon mako guda. Na tsakiyan kuwa izinin zama ɗaya ne, gobe sai an sake tambaya.

Ana iya ganin jerin duk shafukan da aka toshe a wuri ɗaya, ta hanyar rubuta waɗannan a layin adireshi, ɗaya bayan ɗaya:

```
chrome://settings/content/camera
chrome://settings/content/microphone
```

A Edge, sai a sa edge a madadin chrome. Abu uku ake dubawa a wannan shafin. Na farko, a tabbata an zaɓi "Sites can ask to use your camera", domin idan ɗayan zaɓin ke kunne babu shafin da zai ma samu damar tambaya. Na biyu, jerin shafukan da aka hana. Idan wanda kake so yana ciki, ka cire shi da alamar kwandon shara. Na uku, ɗan akwatin da ke sama mai ɗauke da sunan kyamarar da burauza ta zaɓa. Za mu dawo kansa.

Malamar ta sake loda shafi, makirfo ya dawo, kyamara kuwa shiru. A nan ne mutane da yawa ke karaya, domin a ganinsu sun yi duk abin da aka ce. Saura izinin Windows. Ta shiga Settings, sannan Privacy & security, ta gangara zuwa Camera. A Windows 10 sunan wurin Privacy kawai. Maɓallai uku ne a jere. Na sama, "Camera access", shi ke buɗe kyamara ga kowa a kwamfutar. Na biyu, "Let apps access your camera". Na uku yana can ƙasa bayan dogon jerin manhajoji, sai an gangara ake ganinsa: "Let desktop apps access your camera". Biyun farko a kunne suke, na ukun a kashe.

Wannan ya bayyana abin da ya ɗaure mata kai. Manhajar Camera tana cikin jerin da maɓalli na biyu ke kula da shi, shi ya sa ta yi aiki. Chrome da Firefox da Zoom kuwa a ƙarƙashin na uku suke. Don haka duk lokacin da Camera ta nuna hoto, shafi ma yana da izini, amma burauza ta ce babu, wannan maɓallin na ƙasa ne abin zargi na farko. Ta kunna shi, ta rufe Chrome gaba ɗaya, ta sake buɗewa, fuskarta ta fito. Makirfo yana da shafinsa daban a wuri ɗaya, Microphone, da maɓallai uku iri ɗaya, kuma kunna na kyamara ba ya kunna nasa.

Masu Mac ma haka abin yake tun macOS Mojave na 2018: System Settings, sai Privacy & Security, sai Camera, a kunna wa burauzar, sannan a amince ta rufe ta sake buɗewa.

Wani ɗan ƙarin bayani kan adireshi. Tun ƙarshen 2015 Chrome ya daina bai wa shafukan da adireshinsu ya fara da http zalla damar taɓa kyamara ko makirfo, sai masu https, kuma sauran burauzoji sun bi sahu. Idan shafin wata makaranta ko ma'aikata ya nuna "Not secure" a layin adireshi, babu saitin da za ka taɓa a wajenka ya gyaru ta hanyar da ta dace. Masu shafin ne za su gyara, su ya kamata a kira.

Idan wata manhaja ce ta riƙe ta

A yawancin kwamfutocin Windows, manhaja ɗaya ce ke iya amfani da kyamara a lokaci guda. Wadda ta riga ta kama ita ke da ita har sai ta saki. Alamar farko a jikin laftof take: ɗan haske fari ko kore kusa da idon kyamara. Idan yana kunne alhali burauzarka na cewa babu hoto, to akwai mai kallo ta cikinta, kuma ba burauzar ba ce.

Sau da yawa ana cewa a goge Zoom ko Teams saboda wai suna cinye kyamara. Wannan kuskure ne. Kasancewar manhaja a kwamfuta, ko zamanta shiru a gefe, ba ya riƙe komai. Tana riƙewa ne idan tana cikin taro, ko tana nuna gwajin hoto kafin shiga taro, ko an bar shafin saitin bidiyonta a buɗe, ko kuma ta maƙale ba ta rufu da kyau ba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne alamar rufewa ta saman taga. A manhajoji irin su Teams da Zoom, danna ta ɓoye taga kawai yake yi, manhajar na nan da ranta. Ka duba ƙasan sikirin daga dama, kusa da agogo, akwai 'yar kibiya mai kallon sama. Ka danna ta, za ka ga gumakan manhajojin da ke aiki a ɓoye. Ka danna kowace da maɓallin dama na maus, ka zaɓi Quit ko Exit.

Ba sai an yi ta canki-canki ba, domin Windows yana ajiye bayani. A wannan shafin na Camera da malamar ta shiga, ƙarƙashin sunan manhajar da ke riƙe da kyamara akan rubuta "Currently in use", sauran kuma a nuna lokacin da suka taɓa ta na ƙarshe. Windows 11 ya ƙara da "Recent activity", jerin waɗanda suka yi amfani da ita cikin kwanaki 7. Idan an gano mai laifin amma ta ƙi rufuwa, sai a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, a zaɓi sunanta, a danna End task. Abin da ka san sunansa kawai za ka rufe a nan. Kada ka bi layi kana kashe duk abin da ba ka gane ba.

Wata burauzar ma manhaja ce. Wanda ya buɗe mahaɗar taro a Edge, ya ga bai gamsu ba, ya kwafe ta zuwa Chrome bai rufe na farkon ba, ya haɗa burauzoji biyu faɗa a kan kyamara ɗaya. Haka wanda mahaɗar Zoom ta buɗe masa manhajar Zoom a bayan fage, shi kuma ya danna "Join from your browser". Kowane ɗaya a cikin biyun zai iya aiki, amma ba tare ba.

Yanzu mu koma ga ɗan akwatin nan mai sunan kyamara. Manhajoji irin su OBS Studio da DroidCam suna ƙirƙirar kyamarar da ba ta da jiki, wadda burauza ke lissafawa kamar ta gaske. Idan ita aka zaɓa, kuma manhajar da ke ciyar da ita a kashe take, abin da zai fito baƙin sikirin ne ko wani tambari. Masu wa'azi ko darasi kai-tsaye a Facebook sun fi haɗuwa da wannan, domin OBS kayan aikinsu ne. Sai a buɗe akwatin a zaɓi ta ainihi, wadda galibi sunanta Integrated Camera ko Integrated Webcam ko wani abu mai HD a ciki. Shafin taron ma yana da nasa zaɓin a cikin saitinsa, kuma shi ma a duba shi.

Idan duk an rufe amma hasken bai mutu ba, a sake kunna kwamfutar, kuma da Restart, kada a yi da Shut down. Windows yana da wani tsari mai suna Fast Startup wanda ke adana halin da direbobi suke ciki idan an yi Shut down don ya tashi da sauri, sai direban da ya maƙale ya farka a maƙale. Restart ne ke tayar da komai sabo. Hasken da ya ci gaba da kunnuwa bayan haka, ba tare da ka buɗe komai ba, abu ne da ya cancanci a bincika da manhajar kare kwamfuta, a kuma rufe idon kyamarar kafin a gano dalili.

Makirfo halinsa daban ne

Shi makirfo, a Windows, manhajoji da dama na iya saurarensa lokaci ɗaya, don haka ba kasafai ake ƙwace shi ba. Idan wata na amfani da shi, alamar makirfo kan fito kusa da agogo, kuma ɗora maus a kanta na nuna sunan manhajar. Masu ƙwacewa gaba ɗaya su ne manhajojin naɗar sauti na situdiyo, kuma ana hana su ta cire alamar da ke kan "Allow applications to take exclusive control of this device" a saitin makirfon.

Matsalarsa ta yau da kullum zaɓi ne. Iyafis na bulutut ya haɗu da laftof yana cikin aljihu ko a ɗaki na gaba, Windows ya mayar da shi makirfon farko, kana magana a gaban kwamfuta ana sauraron aljihunka. Ka kashe bulutut ka sake gwadawa. Iyafis mai waya kuma a dubi bakinsa: mai zobe uku yana ɗauke da makirfo, mai zobe biyu na saurare ne kawai. Kwamfutar tebur yawanci ba ta da makirfo a jikinta, kuma ramukanta biyu ne, kore na sauti, ruwan hoda na makirfo. Iyafis ɗin waya da aka soka a koren zai ba ka sauti, amma burauza za ta ce ba ta ga makirfo ba, kuma a wannan karon gaskiya ta faɗa. Ana sayar da 'yar waya mai raba baki ɗaya zuwa biyu, ita ce maganin.

A wayar hannu

Mafi yawanmu da waya muke shiga irin waɗannan taruka, kuma tsarin bai canza ba, wuraren ne suka canza. A Android, izinin shafi yana cikin Chrome: ɗigo uku na sama, Settings, Site settings, sai Camera ko Microphone. Izinin Chrome ɗin kansa yana cikin saitin waya: Settings, Apps, Chrome, Permissions. Kamfanonin waya kan ɗan sauya sunayen, amma hanya mafi sauƙi ita ce a danne gunkin Chrome a riƙe, a zaɓi App info. Tun Android 12 na 2021 wayoyi da yawa suna da ƙarin maɓallai biyu, "Camera access" da "Mic access", a cikin labulen da ake jawowa daga sama ko a saitin Privacy, waɗanda ke rufe wa kowace manhaja baki ɗaya. Ɗigon kore a kusurwar sama yana nuna ana amfani da ɗayansu, kuma idan aka jawo labulen aka taɓa shi, zai faɗi sunan manhajar.

Abu biyu ne suka fi kama masu waya. Na farko, kira. Mutum ya kira ƙaninsa ya ce ya tsaya a layi ya nuna masa yadda zai shiga taron, bai san kiran ne ke riƙe da makirfo ba. Kiran WhatsApp da ke gudana a bayan fage ma haka, idan na bidiyo ne har da kyamara. A katse, a sake loda shafin. Na biyu, burauzar da aka buɗe mahaɗar da ita. Mahaɗar da aka danna a cikin Facebook ko Instagram takan buɗe a wata ƙaramar burauza ta cikin manhajar, wadda sau da yawa ba ta iya miƙa kyamara ga shafi. Opera Mini kuma, da mutane ke so saboda tattalin data, a yanayinsa na matse data sosai ba ya iya ɗaukar bidiyon kai-tsaye. A kwafi mahaɗar a liƙa a Chrome. A iPhone, Safari ya fi tabbas, kuma izinin kowane shafi yana ƙarƙashin Website Settings a maɓallin da ke gefen layin adireshi.

Lokacin da da gaske babu ita

Saura lambar 0xA00F4244, inda Windows da kansa ya ce bai ga komai ba. Ko a nan ma ba a kai ga sukurdireba ba tukuna. A dubi layin sama na kibod, ko akwai maɓalli mai hoton kyamara, wanda ake dannawa shi kaɗai ko tare da Fn. Wasu laftof na HP suna da ɗan makunni a gefen jiki. Irin waɗannan suna yanke kyamarar ne daga kwamfutar, ta ɓace kamar ba a taɓa sa ta ba. Daga nan a danna Start da maɓallin dama, a buɗe Device Manager, a duba ƙarƙashin Cameras. Kibiya mai kallon ƙasa a jikin sunanta na nufin an kashe ta, sai Enable device. Alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa na nufin direba ne ya samu matsala, kuma hakan ya zama ruwan dare bayan an sake ɗora Windows a shago. Direban ana samunsa kyauta a shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, da lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashinsa.

Laftof na hannu da ke shigowa kasuwanninmu suna da nasu tarihin. Da yawa daga ofisoshin ƙasashen waje suka fito, kuma wasu ofisoshin kan kashe kyamara tun daga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, inda sake ɗora Windows ba ya kaiwa. Idan Device Manager bai nuna sashen Cameras ba sam, wannan wurin ya kamata mai gyara ya fara dubawa, kuma aikin minti biyu ne. Idan kuma Chrome yana rubuta "Managed by your organization" a ƙasan jerin ɗigo ukunsa, maɓallin izinin ya dushe ya ƙi dannuwa, to wata doka ce aka ɗora wa burauzar. A kwamfutar ofis, jami'in kwamfuta na wurin ne kawai zai ɗage ta. Wasu manhajojin kare kwamfuta ma suna da sashen tsaron kyamara da ke hana burauza, sai an shiga an ba ta izini a can.

Lalacewa ta gaskiya tana da alamarta. Wayar kyamarar laftof siririya ce, ta cikin maganaɗisun murfi ba ta bi, ta cikin mahaɗin da murfin ke lanƙwasawa take bi, kuma buɗewa da rufewa na shekaru kan cinye ta. Idan hoto yana zuwa yana ɗaukewa yayin da kake motsa murfin gaba da baya, ko kana jin ƙarar da Windows ke yi idan an cire filashi, wayar ce. A nan zaɓi biyu ne: a buɗe sikirin a canza wayar, ko a sayi kyamarar USB a ɗora a sama. Idan aka zaɓi ta biyu, a jona ta kai-tsaye a jikin laftof kafin a buɗe burauza, sannan a shiga ɗan akwatin zaɓin kyamara a ɗauki sunanta, domin burauza na iya ci gaba da neman tsohuwar.